Fawa bank biyu, ɗaya tauraro 4.8 ɗaya 4.2: wane sharhin zan yarda da shi?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Sana'ata duk a waya take, atamfa da leshi nake sayarwa, kuma unguwarmu sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba. Na ga fawa bank guda biyu a wata manhajar sayayya, duka an rubuta 20,000mAh, kuɗinsu ma kusan ɗaya, bambancin bai kai dubu biyu ba. Na farko yana da tauraro 4.8 daga mutum 312. Na biyu 4.2 ne daga mutum 1,140. Da har zan danna na farkon, sai ƙanina ya ce wai sayen sharhin nan ake yi. To ni yaya zan gane wanda mutum ya rubuta tsakani da Allah da wanda aka biya shi? Ban faɗi sunayen kamfanonin ba don kada a ce talla na zo yi.

Sadiq_POS:
Wa alaikumus salam Anti. Abin mai sauƙi ne. Ki duba ƙarƙashin kowane sharhi, in kin ga `Verified Purchase` to mutumin ya sayi kayan da gaske. Ni da shi kaɗai nake aiki.

Abba_Gwammaja:
Ni kuwa duk wani mai tauraro biyar ban ma karanta shi. Kai tsaye nake sauka wurin masu tauraro ɗaya. Wanda aka ƙona ba ya ƙarya.

Injiniya_Kabiru:
Ku biyun kowa ya riƙe wani sashe, amma ba a nan ta tsaya ba. Sadiq, wannan alamar tana nuna oda ta wuce ta asusun mutumin ne kawai, ba ta nuna daga aljihun wa kuɗin ya fita ba. Yadda ake yi shi ne, mai kaya zai ce ka yi oda da kuɗinka, kayan su iso, ka ba da tauraro biyar, ka turo masa hoton allon, sannan ya mayar maka da kuɗinka ta gefe. A idon manhajar kai mai saye ne na ƙwarai, alamar za ta fito maka. Wata hanyar kuma ita ce ɗan kati da ake sakawa cikin kwali, a ce in ka rubuta yabo za a ba ka kyauta.

Kuma ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke yi ba. A 2021 Amazon ta kori wasu manyan sunaye a harkar caja da fawa bank da abin sauraro na kunne, irin su Aukey da Mpow da RAVPower. Na RAVPower ya biyo bayan wata 'yar jarida ta Wall Street Journal da ta tarar da katin kyautar dala 35 a cikin kwalin cajarta, ana neman sharhi a madadinsa. A wannan shekarar Amazon da kanta ta ce ta rufe sunaye kusan 600 saboda wasa da sharhi. Abin da ke ba ni mamaki, wasu daga cikin kayan nan ba su da laifi, mun yi aiki da su. Wato sharhin saye ba lallai yana nufin kayan banza ba ne, yana nufin dai lambar tauraron ba ta gaya miki komai.

Hajiya, kafin komai ki yi min abu ɗaya. Ki jera sharhin na farkon bisa kwanan wata, ki gaya mana yadda suka rarrabu.

Ummu_Hanifa:
To Injiniya, na zauna na ƙirga, idona har ya yi ja. A cikin 312 ɗin, waɗanda suka yi rubutu ba su kai 200 ba, sauran tauraro kawai suka danna. Masu rubutun kuma wajen 130 duk a cikin mako biyu suka zo, a watan Maris. Kafin nan jefi-jefi ne, bayan nan ma a wata bai fi uku ko huɗu ba. Na biyun kuwa sharhinsa ya bazu kusan shekara biyu, kowane wata akwai.

Sai wani abu da ya ɗaure min kai. A can ƙasa cikin tsofaffin sharhin na farkon, mutum huɗu suna yabon sauti, ɗaya ma ya ce yana zama daidai a kunne. Fawa bank a kunne?

Abba_Gwammaja:
Hahaha, wannan fawa bank ɗin har waƙa yake yi ke nan.

Injiniya_Kabiru:
Yawwa, kin kamo bakin zaren. Wannan shafin da abin sauraro na kunne ake sayarwa a kansa. Da ya tara taurari sai mai shagon ya canja hoto da suna da bayani, ya ɗora fawa bank, taurarin da suka taru kuma suna nan ba su goge ba. Tsohuwar dabara ce. Ki cire waɗannan daga lissafi gaba ɗaya.

Maganar cunkoson Maris kuwa, ita kaɗai ba hujja ba ce. In an yi rangwame mai yawa ko lokacin garaɓasar ƙarshen shekara, oda kan yi yawa, sharhi ma ya biyo baya a dunƙule. Abin dubawa shi ne me ya faru bayan cunkoson. In masu saye na gaskiya ne 130, to bayan wata uku ko huɗu dole a samu waɗanda za su dawo su ce ya rage riƙe wuta, ko bakin cajin ya saki. Ba kayan lantarkin da za a sayar wa mutum ɗari a rasa mai kuka. In kuwa aka yi ruwan yabo na mako biyu sannan aka ɗauke ɗif, ruwa ba ya tsami banza.

Maman_Walid:
Ni dai shawarata kada ki sayi komai a intanet. Na yi odar fanka mai caji, mako uku ba ta zo ba, da ta zo kwalin a murƙushe, mai kawowa kuma ya tsaya a bakin titi ya ce sai dai in fito. Tauraro ɗaya na ba su, kuma da akwai ƙasa da haka da shi zan bayar.

Zahra_BUK:
Maman Walid, Allah ya ba ki haƙuri, amma fankar tana aiki?

Maman_Walid:
Tana aiki mana, ita nake kunna wa yara har yau.

Zahra_BUK:
To kin ga Yaya Abba, ga amsar maganarka. Maman Walid ba ta yi ƙarya ba, amma tauraronta ɗaya na mai babur ne, ba na fanka ba. Ni in ina dubawa masu tauraro uku da huɗu nake fara karantawa. Wanda aka biya ba a biyansa ya ba da uku, wanda ransa ya ɓaci kuma ba ya tsayawa a uku. Mai uku yawanci shi ne zai ce yana caji da kyau amma shi kansa yana kwana kafin ya cika, ko kebul ɗin da aka haɗo da shi gajere ne. Irin wannan bayanin ne ake iya yanke shawara da shi.

Abba_Gwammaja:
Na ji, amma ban sauka daga bakana ba gaba ɗaya. In mutum goma da ba su san juna ba suka ce batirin ya kumbura, wannan ba fushin mai babur ba ne.

Zahra_BUK:
A nan muna tare. Koke iri ɗaya da ya maimaitu a watanni daban-daban ya fi yabo ɗari nauyi. Sai dai ka sani abokan hamayya ma suna sayen sharhin ɓatanci su zuba wa juna. Shi ma yakan zo a dunƙule, gajere, babu bayani, "kayan banza ne" kawai.

Tsohon_Dan_Talla:
Bari in faɗi abin da ba na alfahari da shi. Lokacin da nake makaranta na shiga wani rukunin WhatsApp da ake raba irin wannan aikin. Kusan wata biyar na yi. Za a turo sunan kaya da abin da ake so a faɗa, a ce kowa ya sauya kalmomi, kada mu tura a rana ɗaya, wasu su saka hoto. Kuɗin kati ne ake ba mu, ba wani abin kirki ba. Yawancin kayan ban taɓa riƙe su a hannu ba.

Abin da zan gaya muku daga ciki: mu abin da ke kan shafin kaya kawai muka sani, don haka shi muke juyawa. In bayanin kaya ya ce caji mai sauri da fitila mai haske da jiki mai ƙarfi, sharhinmu ma waɗannan ukun zai ambata, sau da yawa a jere yadda suke. Kuma ana son mu rubuta cikakken sunan kayan har da lambar samfuri. Wa ya taɓa sayen fawa bank ya dawo yana kiran sunansa da lambarsa kamar mai karanta takardar kotu? Mai saye na gaskiya cewa yake yi "abin nan", sannan ya faɗi sunan wayarsa, da sau nawa ya caja ta, da abin da ya ba shi haushi.

Amma kada ku dogara da cewa na bogi kullum gajere ne ko kullum Turancinsa a goge yake. Daga baya an koya mana mu saka ɗan ƙorafi maras illa, kamar a ce launin bai yi min ba amma aiki sai hamdala, don ya yi kama da gaskiya. In kin ga ƙorafin bai taɓa aikin kayan ba, launi ne ko kwali, ki sa masa ido.

Malam_Habibu:
Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ɗana, tunda ka bari kuma ka fito ka faɗa, ka kyauta. Wannan aikin shaidar zur ce ko da kuɗin kati ne ladanta, domin wani zai fitar da guminsa bisa maganarka. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu a kan mai sayar da abinci ya zo, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama. Ni tambayata ga masana ita ce, waɗannan 'yan TikTok da ake ba su kaya kyauta su nuna, su ma a nan suke?

Fati_Kwalliya:
Malam, da izininka, a nan zan ɗan kare kaina. Ina tallata kaya a shafina, kuma ana ba ni kaya kyauta, wani lokaci da kuɗi a kai. Ban taɓa yabon abin da na san ba shi da kyau ba, na sha mayar da kaya. Talla sana'a ce, ba duk wanda aka biya ne maƙaryaci ba.

Zahra_BUK:
Anti Fati, ba wanda ya ce ke maƙaryaciya ce. Amma kina rubutawa a jikin bidiyon cewa an biya ki? Instagram yana da `Paid partnership`, YouTube yana da `Includes paid promotion`. In kin saka, shi ke nan, mai kallo ya san da wa yake magana. Sannan ko da zuciya ɗaya kika yi, fawa bank ɗin kwana nawa ya yi a hannunki kafin ki ɗauki bidiyo? Ranar farko kowane batir jarumi ne.

Fati_Kwalliya:
Wani lokaci ina sakawa, wani lokaci masu kayan ba sa so. Maganar kwanaki kuwa gaskiyarki, yawanci a makon da aka kawo ake son bidiyon ya fita.

Sadiq_POS:
Ni alamar da nake gane su ita ce "yi amfani da lambata ka samu ragi". Da na ji haka na san yana da kaso a kowace oda.

Ummu_Hanifa:
Jama'a kun tafi TikTok kun bar ni da fawa bank a hannu. Injiniya, ga wani abu. A na farkon mutane da yawa sun ce yana cika musu waya sau shida, wani ma ya ce bakwai. A na biyun kuwa masu tauraro uku suna ƙorafin sau uku kawai yake yi. Wannan ne ma ya fara jan hankalina zuwa na farkon. Wayata batirinta 5,000mAh ne.

Injiniya_Kabiru:
Alhamdu lillahi da kika kawo wannan, domin a nan ba sai mun yi hasashen zuciyar kowa ba, lissafi zai raba gardama. Wannan 20,000 da ake rubutawa a kan ƙarfin batirin ciki ake auna shi, wato 3.7V. Ga yadda yake:

```
20,000mAh x 3.7V = 74Wh
5,000mAh x 3.85V = 19Wh
74 / 19 = 3.9
```

Wato ko da ba a yi asarar komai ba, bai kai cika huɗu ba. Kuma asara dole ce. Fawa bank sai ya ɗaga wutar zuwa 5V ko sama kafin ta fita, wayar kuma ta sake sauke ta, kowane mataki yana cin wani abu, shi ne ɗumin da kike ji a hannu. Abin da ke isa batirin waya yakan tsaya wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Saboda haka fawa bank mai 20,000 na gaskiya zai cika waya irin taki daga sifili kamar sau uku, ko ƙasa da haka kaɗan in kina danne-danne yana caji.

Kin ga abin dariyar? Masu kukan "sau uku kawai" a na biyun, ba su sani ba shaida suke bayarwa cewa kayan cikakke ne. Masu "sau bakwai" kuwa suna faɗin abin da ba zai yiwu ba a kan irin wayarki.

Ki kuma duba hoton bayan kwalin ko jikin kayan. Kamfanonin da suka san abin da suke yi sukan rubuta lamba ta biyu, `Rated capacity`, wadda take kaiwa wajen 12,000 zuwa 13,000mAh a 5V ga mai 20,000. Wannan ce ainihin abin da zai fito.

Dan_Damagaram:
Injiniya, a nan ina da ja. Ba kowa ke da babbar waya ba. Mahaifiyata ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, batirinta bai fi 1,000 ba, fawa bank ɗina yana cika ta fiye da sau goma. Kuma mutane da yawa in waya ta sauka 30 suka mayar da ita 90 sai su ce sun cika ta sau ɗaya. To mai cewa sau shida ba lallai an biya shi ba.

Injiniya_Kabiru:
Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Mutum ɗaya ya ce sau shida ba tare da ya faɗi wayarsa ba, ba zan kira shi ɗan haya ba, zan dai ajiye maganarsa gefe don ba ta auna komai. Abin da ke sa ni zargi shi ne mutum ashirin su faɗi lamba ɗaya a mako ɗaya, kuma babu wanda ya ambaci irin wayarsa. Hajiya, ki duba ko "sau shida" ɗin yana cikin bayanin da mai kayan ya rubuta.

Ummu_Hanifa:
Yana nan kuwa! A hoto na uku an rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Tsohon_Dan_Talla:
To kin gani. Daga nan aka kwafo.

Dan_Damagaram:
Wani abu kuma ga masu cewa a duba salon rubutu. Mu nan da muke oda daga AliExpress, sharhin daga ƙasashe barkatai yake zuwa, manhajar ce ke fassara shi, duk sai ya fito da kama ɗaya. Ba za ka gane komai daga lafazi ba. Ni hotuna nake bi. Hoton da aka ɗauka a kan tabarma ko teburin shago, da waya a jone, ya fi min wanda aka ɗauka fes kamar na kamfani. Wanda na fi so duka shi ne mai ɗan na'urar awo da ake sakawa a bakin USB tana nuna adadin da ya fita.

Sadiq_POS:
To ni yanzu na rikice. In alamar saye ba ta isa ba, hoto ma an ce ana sa su saka, me ya rage?

Injiniya_Kabiru:
Nauyi ya rage, Sadiq, shi ba a rubuta masa sharhi. Batirin lithium yana da iyakar wutar da zai ɗauka a kowane giram. Kafin a tara 74Wh, ƙwayoyin batirin kaɗai sun kai wajen giram 300, ban da gida da allon ciki. Shi ya sa na gaskiya yakan kai giram 350 zuwa 500, a hannu kusan nauyin ledar fiya wata. Hajiya, nawa aka rubuta nauyin kowanne?

Sai dai in faɗa kafin wani ya riga ni: nauyi yana kama mai ƙarya ne ta gefe ɗaya kawai. In ya yi sauƙi da yawa, tabbas bai cika ba. In ya yi nauyi, ba tabbas, domin da hannuna na buɗe wanda aka cika rabinsa da ƙwayoyin bogi masu yashi a ciki.

Ummu_Hanifa:
Na farkon giram 240 aka sa. Na biyun 430.

Abba_Gwammaja:
An gama shari'a. Amma Anti kada ki yi saurin rungumar na biyun, ki koma ki karanta masu tauraro ɗayansa tukuna.

Ummu_Hanifa:
Na karanta su Yaya Abba, wajen 90 ne. Fiye da rabi maganar jinkirin kawowa ce da kwali. Amma akwai goma sha ɗaya da suka ce ya daina caji ko ya kumbura bayan wata biyu zuwa huɗu, kuma biyar a cikinsu sun ce lambar da ake kankarewa a jikin kwali ba ta yi aiki ba da suka duba a shafin kamfanin.

Zahra_BUK:
Waɗannan biyar ɗin jabu aka kai musu. Sunan da ya karɓu shi ake kwaikwaya. Ki duba sunan shagon da ke sayarwa, ba sunan kayan kaɗai ba. A wasu manhajojin shaguna da yawa ne ke sayar da kaya ɗaya, sharhin kuma a tattare, sai laifin wani ya hau kan wani. In kamfanin yana da shagonsa na kansa a manhajar, a can za ki saya ko da ya ɗara da dubu ɗaya.

Injiniya_Kabiru:
Wataƙila jabu ne, wataƙila kuma wani zubin ne ya fito da matsala daga masana'anta, daga nan ba za mu iya rabewa ba. Sauran shidan ba su ce komai game da lamba ba. Goma sha ɗaya cikin 1,140 bai tayar min da hankali ba, amma ki duba ko duk a watannin baya-bayan nan suke. In haka ne, kayan da ke kasuwa yanzu ba su ne waɗanda suka tara taurarin shekarar farko ba.

Maman_Walid:
Duk wannan wahalar a kan me? Ki shiga kasuwar waya ta Farm Centre ki riƙe abinki a hannu, ki ce a ba ki garanti a rubuce a bayan rasit. Cinikin biri a sama ne ba na so.

Sadiq_POS:
Maman Walid, a kasuwa ma yaron shago wanda ribarsa ta fi yawa zai ce miki shi ne mai kyau. Shi ma ai sharhin biya ne, da baki kawai ake yinsa.

Ummu_Hanifa:
Na duba kwanakin. Bakwai daga cikin goma sha ɗayan a wata huɗun da suka wuce ne, saura a warwatse. Ban san yadda zan fassara wannan ba. Na farkon dai na cire shi daga kwando. Na biyun na ga kamfanin yana da shagonsa a manhajar, an rubuta garantin wata goma sha biyu, amma ya fi wancan shagon tsada da dubu ɗaya da ɗari biyar. Injiniya, in ya iso, yaya zan gwada shi tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba? Ba ni da wannan na'urar awon.

Injiniya_Kabiru:
Kafin ki yage komai ki kankare lambar ki duba ta. Sannan ki cika shi dam, ki bar wayarki ta sauka 10, ki jona ta ba tare da kina amfani da ita ba har ta kai 100, ki rubuta. Ki maimaita har fawa bank ɗin ya mutu, kada ki ƙara masa wuta a tsakani. Daga 10 zuwa 100 ya kamata ki samu sau uku, ko da ɗan ragowa. In bai kai biyu da rabi ba ki mayar. Zai ɗauke ki kwana biyu ko uku, don haka ki fara a ranar da ya zo, kuma ki adana kwalin. Kumburin wata huɗu kuwa wannan gwajin ba zai nuna shi ba, garantin ne maganinsa, ki ɗauki hoton rasit ɗin.

Abba_Gwammaja:
Bakwai cikin wata huɗu fa. Ni da ni ne da na nemi na uku.